Ta sa ɗinkina a Status ɗinta, zan iya ɗauka in yi talla da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Gombe, shagona yana Tudun Wada, ɗinkin mata nake yi. Kwastomomina suna yaba aikina a baki, amma da wuya ki ga wata ta sa kayan a Status ta ambaci sunana. 'Yan kaɗan da suka sa kuma ina tsoron ɗauka in sa a shafina, kar ya zama rigima. Ya zan yi su riƙa sawa, kuma ya ake neman izininsu?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tsoron nan da kike ji ki riƙe shi, domin shi ya hana ki faɗa ramin da teloli da masu kwalliya da yawa suka faɗa. Zan fara da maganar izinin, don idan kin fahimce ta, za ki gane dalilin da ya sa mata ba sa sawa tun farko.

Mace idan ta sa hotonta a Status na WhatsApp, ta san su wa za su gani. Sai wanda ta ajiye lambarsa shi ma ya ajiye tata ne zai gani, kuma bayan awa 24 hoton ya ɓace. Ƙari a kan haka, mata da yawa sun shiga wurin saitin sun zaɓi My contacts except... sun cire wasu mutane da hannunsu: yayan miji, surukai, malamin Islamiyya, wani lokacin har kishiya. Wata ma Only share with... ta zaɓa, ƙawaye goma kawai take nuna wa. To ke kina cikin waɗanda ta bari su gani, shi ya sa hoton ya iso wayarki. Da kin ɗauka kin sa a shafinki na Facebook ko Instagram, kin buɗe ƙofar da ita ta rufe da gangan. Hoton da aka yi don kwana ɗaya da mutum hamsin ya koma na dindindin kuma na kowa da kowa. Ko a naki Status ɗin kika sa, jama'arki daban, tata daban. A wayar tela akwai lambar masu shadda da leshi na babbar kasuwa, akwai masu Keke, akwai mazajen kwastomomi da suke turo kuɗi. A gari irin Gombe, da wuya a rasa wanda ya san mijinta a cikinsu.

Saboda haka sawar da ta yi ba izini ba ce. Ko ta ambaci sunan shagonki, abin da ta yi shi ne ta gaya wa mutanenta inda ta yi ɗinki. Ba ta ce ki kai ta ga naki mutanen ba. Yanzu WhatsApp ya sa idan mutum ya ambace ki a Status ɗinsa za ki iya sake sawa a naki, Instagram ma haka, amma kasancewar maɓallin yana nan bai nuna ta yi tunanin su wa ke cikin wayarki ba. Ni ko an ambace ni sai na tambaya, saƙo ɗaya ne.

Wannan shi ne kuma abin da ke hana su sawa. Ba rowa ba ce. Matar da ta ga yadda aka ɗauki hoton ƙawarta aka watsa ba a tambaye ta ba, ta koyi darasi: ta sa kayan, ta yi hotonta, amma ba za ta ambaci tela ba, don kar tela ta ɗauka. Wata tana tsoron baki, musamman amarya ko mai jego. Wata mijinta ya gaya mata tun ranar farko ba ya son hotonta a waje. Wata kuma ba ta son ƙawayenta su san telarta su je su ɗinko irin nata kafin Sallah, wannan kam ba ki da maganinta, ki ƙyale ta. Amma sauran, da zarar labari ya zagaya cewa ke ba kya taɓa hoton kowa sai kin tambaya, kuma idan aka ce a'a ba kya canza fuska, za ki ga sun saki jiki.

Yanzu yadda za ki sa su riƙa sawa. Abu na farko lokaci ne. Ranar da mace ta zo karɓar ɗinki ba ranar roƙon talla ba ce. Ta biya kuɗi yanzu, tana duba wuyan riga da hannu, hankalinta yana kan ko ya yi ko bai yi ba. Lokacin da ya dace shi ne washegarin ranar da ta sa kayan ta shiga cikin mutane: kashegarin Sallah, ko bayan an tashi daga biki ko suna. A lokacin an riga an tambaye ta wa ya ɗinka mata, hotunan kuma suna nan sababbi a wayarta. Don haka idan kina rubuta awo a littafinki, ki ƙara layi ɗaya a gefe: yaushe za a sa. Idan ranar ta wuce da kwana ɗaya sai ki tura mata saƙo, kuma kada ki fara da roƙo. Ki fara da tambayar aikin: "Hajiya barka da gajiya, ya taro? Ya rigar ta zauna, babu inda ya matse ko?"

Tambayar nan tana da amfani biyu. Idan akwai matsala, zif ya buɗe ko hammata ta kama, ke za ki fara ji kafin ƙawayenta su ji, ki ce ta aiko a gyara, kuma ki bar maganar hoto gaba ɗaya a wannan karon. Idan kuwa ta ce "wallahi kowa sai tambaya yake", nan ne wurin. Sai ki ce: "Alhamdulillah, na ji daɗi. Idan kin sa a Status ki ɗan ambace mu don masu tambaya su samu lambar. In ba hali babu komai wallahi." Wannan jimlar ta ƙarshe kada ki cire ta, ita ce ke sa mace ta ji ba a ɗaure ta ba. Kuma sau ɗaya ake faɗa. Idan ta karanta ta yi shiru, shirun amsa ce, kar ki sake tunasar da ita.

Sai ki sauƙaƙa mata. Mata da yawa suna son ambaton ki amma ba su san takamaiman sunan shafinki ba, ko lambar kasuwanci daban take da wadda suke kiran ki a kai. Ki buga ƙaramin kati, sunan shafin yadda ake rubuta shi da lamba ɗaya tak, ki riƙa sawa a cikin ledar kaya. Ki kuma roƙi kowace kwastoma ta ajiye lambarki ke ma ki ajiye tata, in ba haka ba ko ta sa ba za ki gani ba. Teloli da yawa suna kukan ba a sa kayansu, alhali ana sawa, lambar ce ba a ajiye ba.

Abin da na ga ya fi komai aiki ga masu ɗinkin mata a nan shi ne a ba mace hanyar da za ta taimaka ba tare da fuskarta ta fita ba. Ki ware kusurwa ɗaya a shago kusa da ƙofa ko taga inda hasken rana ke shigowa, ki rataya labule marar ado, fari ko toka-toka. Ranar gwaji, idan ta sa rigar ta tsaya gaban madubi tana jin daɗi, ki ce ko za ki ɗauka mata da wayarta. Da wayarta, ba taki ba. Hoton yana hannunta, ita za ta zaɓi wanda ta ga ya yi, kuma idan ta ga dama ta turo miki wanda aka ɗauka daga wuya zuwa ƙasa, ko ta baya inda aikin duwatsu ko surfani ya fito. Mai neman tela ai ba fuska take dubawa ba, tana duba yadda kafaɗa ta zauna da yadda ɗinkin ya bi jiki ba tare da ya matse ba. Wadda ba ta son jikinta ya fito ko kaɗan, tana iya rubuta layi biyu, ke kuma ki haɗa da hoton rigar a jikin mutum-mutumi ko a rataye. Idan za ta rubuta, ki taimaka mata da tambaya maimakon ki rubuta mata: me ya fi burge ki? Amsa irin "ta ce Laraba, Larabar na karɓa, ana saura kwana uku Sallah" ta fi "masha Allah ɗinki ya yi kyau" sau goma, don kowa ya san ciwon matan garin nan da teloli shi ne saɓa alkawari.

Maganar tukuici kuma, ki yi hankali da ita. Ba laifi ba ne ki gode wa wadda ta kawo miki mutane, ki ɗinka mata ɗankwali ko ki rage mata wani abu a ɗinki na gaba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki ce "duk wadda ta yabe mu za ta samu data ta dubu ɗaya". Za ki samu yabo da yawa, duk iri ɗaya, daga 'yan matan da ba su taɓa ɗinki a wurinki ba, kuma masu karatu suna gane yabon da aka saya tun daga nesa. Ki sa tukuicin a kan sabuwar kwastomar da ta zo ta dalilinta, ba a kan kalmomin yabo ba. Idan kuwa kyauta kika ɗinka wa wata mai mabiya da yawa don ta tallata, ta faɗa a fili cewa kyauta aka ba ta. Ɓoye wannan algus ne, haka ma rubuta wa kanki yabo da wayar ƙanwarki ki ɗauki sikirinshot. Ko ba don hukumar FCCPC mai kare masu saye da ta hana tallan yaudara ba, mu mun san matsayin algus a addini.

To mun dawo kan izini, yadda ake nemansa a aikace. Kalmar da ke jawo rigima ita ce "zan iya amfani da hotonki?" Ta ce "eh ba komai", ita a ranta Status ne na kwana ɗaya, ke kuma a ranki har da Facebook da TikTok da allon gaban shago. Bayan wata uku kowa yana rantsuwa, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa. Izini mai kyau yana faɗin wane hoto, a ina za a sa, har yaushe, da suna ko ba suna, kuma yana barin ƙofar janyewa a buɗe. Ki tura mata ainihin hoton yadda za ki sa shi, an riga an yanke abin da za a yanke, sannan ki rubuta a ƙarƙashinsa wani abu kamar haka:

"Hajiya, wannan hoton nake so in sa a Status ɗina da shafina na Instagram, haka yadda kike ganinsa, ba fuska ba suna. Shafin a buɗe yake, maza da mata duk suna gani. Ba zan biya kuɗi a tallata shi ba, ba kuma zan buga shi a takarda ba sai na sake tambayar ki. Zan bar shi har shekara ɗaya, kuma duk ranar da kika ce in cire zan cire. Idan sai kin yi shawara da Alhaji, ina jira, babu gaggawa. In kin amince ki rubuto min."

Za ki iya ajiye wannan a Quick replies idan WhatsApp Business kike amfani da shi, ki riƙa gyara wuraren da suka bambanta. Maganar mai gida da na sa a ciki da gangan ne. Ita ce mai hoton, izininta nake nema, amma mun san gidajenmu. Idan ke kika fara kawo maganar, kin ba ta hanyar fita cikin mutunci: ta ce Alhaji bai yarda ba, ba sai ta ji nauyin ce miki a'a da bakinta ba. Kuma kin kauce wa yanayin da za ta amince da rana, da dare a yi faɗa a gida, da safe a kira ki.

Amsar da za ki karɓa ita ce "na amince" ko "eh ki sa", a rubuce ko a saƙon murya, a ƙarƙashin wannan saƙon. Alamar babban yatsa ko zuciya ba ta ishe ni ba, mutane suna danna ta don nuna sun gani kawai. Sannan ki duba ko Disappearing messages yana kunne a hirar, domin idan yana kunne saƙon zai goge kansa bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, ya bar ki ba hujja. Ki ɗauki sikirinshot wanda ya nuna hoton da saƙonki da amsarta da kwanan wata, ki ajiye shi a wani wuri ban da wayar, ko da tura wa imel ɗinki ne, don waya tana ɓata kuma tana faɗawa ruwa. A bayan littafin awo ki buɗe shafi: sunanta, wane hoto, ina ta yarda, ranar da ta yarda. Hoton da aka turo miki da View once kuwa, mai shi ta riga ta gaya miki ba ta son ya zauna, kar ki ɗauko wata waya ki ɗauke shi.

Wannan ba tsantseni ne kawai ba, doka ma haka ta ce. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, kuma hoton da za a gane mutum da shi, da sunansa da lambarsa, duk bayanansa ne a ƙarƙashinta. Dokar ta ce shiru ba amincewa ba ne, ta ce wanda ya yi amfani da bayanan shi ke da nauyin nuna cewa an amince masa, ta kuma ba mutum damar janye amincewarsa duk lokacin da ya so. Yaro kuwa sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Wannan ya shafe ki kai tsaye lokacin Sallah, da hotunan 'yan yara cikin kayan da kika ɗinka suke yawo. Idan yayar yarinya ko gwaggonta ce ta turo, ba ita za ki tambaya ba, ki nemi uwar ko uban. Ni shawarata ma fuskar yaro kar ta hau shafin kasuwanci ko an yarda, rigar ta ishe ki.

Bari in ba ki wani aiki da muka bi daki-daki da wata tela a Jekadafari da nake taimaka wa da shafinta, don hoton biki shi ne ya fi daɗin talla kuma shi ya fi sarƙaƙiya. Ta ɗinka wa amarya kayan kamu, ta kuma ɗinka wa ƙawaye huɗu anko. Bayan biki amarya ta sa hoto a Status: ita a tsakiya, ƙawaye shida a gefenta, a kusurwar hoton kuma ga tambarin mai hoton da aka ɗauko. Telar ta turo min tana murna, ta ce amarya ta ce ta sa duk wanda take so. Na ce ta dakata mu ƙirga masu haƙƙi a hoton nan.

Na farko mai hoton. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, asalin haƙƙin hoto na wanda ya ɗauka ne, sai in an yi wata yarjejeniya daban. Biyan kuɗin da gidan biki suka yi ya ba su damar amfani da hotunansu na kansu, amma bai ba wata tela damar tallan kasuwancinta da aikinsa ba. Yawancin masu hoto ba sa ƙi, don su ma talla ce, abin da suke so a bar tambarinsu kuma a ambaci sunansu. Abin da ke tayar musu da hankali shi ne a yanke tambarin, ko a ɗora na shago a kansa. Telar ta samu lambarsa daga amarya, ta rubuta masa, ya amince da sharaɗin ambato, ya ma turo mata hoton ta Document don kar WhatsApp ya rage masa kyau. Shi ma fa yardarsa ba ta maye gurbin ta amarya ba, kowa da nasa haƙƙin.

Na biyu ƙawayen. Amarya ba ta da ikon ba da izini a madadin fuskar wata. A cikin shidan nan, biyu ma ba a wurinta suka yi ɗinki ba, sa su a shafinta zai nuna kamar aikinta ne, wanda ba gaskiya ba ne kuma cin haƙƙin wata telar ne. Cikin huɗun da suka rage, ɗaya matar aure ce da ta ce a'a nan take, ɗaya ba ta amsa ba, biyu suka ce a sa. Don haka hoton taron gaba ɗaya ya fita daga lissafi. Telar ta ce to a rufe fuskokin sauran da ɗan hoton fure. Na hana, don rufe fuska ba ya ɓoye mace ga wanda ya san ta: tsayinta, lallen hannunta, sarƙarta, da kasancewar kowa ya san su wa suka yi ƙawancen amaryar, duk sun isa. Kuma wadda ta ce a'a, a'a ta ce, ba "rufe min fuska" ta ce ba.

Na uku ita amaryar. Da aka tura mata cikakken saƙo irin wanda na rubuta a sama, aka gaya mata shafin a buɗe yake ga kowa, sai "duk wanda kike so" ya canza. Ta ce za ta tambayi ango. Bayan kwana biyu ta dawo da amsa: a sa na baya, wanda ya nuna jelar rigar da ɗaurin kai, a Instagram da Status, ban da TikTok, kuma kar a sa suna. Abin da aka sa ke nan, tare da hoton ƙawaye biyun da suka yarda wanda mai hoton ya ɗauke su su kaɗai. Da telar ta bi maganar farko ta sa hoton taron, da ta ɓata da matar aure ɗaya, da ango, da mai hoto, duk a yini guda, kuma duk a cikin da'irar mutanen da take fatan su kawo mata bikin gaba.

Bayan wata biyu telar ta so ta danna Boost post a kan hoton, ta biya kuɗi a nuna wa matan Gombe da Bauchi. Nan ma sai da ta koma ta tambaya, domin tallan kuɗi yana kai hoto gaban mutanen da ba su taɓa bin shafin ba, har da dangin miji da ke Kumo ko Bajoga. Amarya ta ce a'a ga wannan. Sai aka yi tallan da hoton rigar da telar ta ɗauka a shago kafin a karɓa. Wannan ɗabi'a ce da nake so ki ɗauka daga yau: duk ɗinkin da kika gama, ki ɗauke shi a jikin mutum-mutumi kafin ya bar shago. Hoton naki ne, babu fuskar kowa. Sai dai ki jira mai kayan ta sa su tukuna kafin ki fitar, babu amaryar da ke son a ga rigarta a intanet kafin ranar.

Sikirinshot na hira shi ne wurin da aka fi sakaci, don ana ganin ai ba hoto ba ne. A saman hirar akwai sunanta ko lambarta da ɗan hotonta. A cikin hirar akwai kwatancen gida da ta ba mai kai kaya, akwai awon ƙirji da ƙugu, akwai rasidin tiransifa mai ɗauke da cikakken sunanta ko na mijinta da nawa aka biya. Na ga inda matsalar ba yabon ba ce, kuɗin ɗinkin ne da ya fito wanda bai kamata ya gani ba ya gani. Ki yanke hoton ya rage saƙon yabon kaɗai, yankewa ta fi shafawa da alƙalamin waya, don wata shafawar idan aka ƙara haske rubutun yana fitowa. Bayan kin yanke ki tura mata ta gani kafin ki sa. Saƙon murya kuwa ya fi rubutu tona asiri, duk wanda ya san ta zai gane muryar, kuma mata da yawa da za su yarda a sa rubutunsu ba za su yarda maza su ji muryarsu ba. Ki rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗa, ba ƙari, ki nuna mata.

Idan wata ta dawo ta ce a cire, ki cire a ranar, ba tambayar dalili. Aure ake yi, aure yake mutuwa, mutum yana canza ra'ayi, wata an sa mata rana kuma sabon gida ba sa so. Ki bi duk inda kika sa: shafin, da Highlights na Instagram inda tsofaffin hotuna ke maƙalewa a manta da su, da katalog na WhatsApp Business, da wayar yarinyar shago idan ita ke sa miki. Amfanin shafin nan na bayan littafin awo ke nan, shi zai gaya miki wuraren. Sannan ki rubuta mata cewa an cire. Abin da ba za ki iya dawo da shi ba shi ne wanda wasu suka riga suka sauke a wayoyinsu, kuma akwai masu satar hotunan mata su buɗe shafin ƙarya ko su yi tallan nasu ɗinkin da shi. Wannan ki gaya mata tun ranar neman izini, musamman idan da fuska za a sa, don ta yanke shawara tana sane. Saboda wannan dalilin ne ban son a buga hoton kwastoma a allon shago ko a jikin leda, abin da aka buga aka raba ba ya ciruwa.

Idan kuma akwai hotunan da kika riga kika sa a baya ba ki tambaya ba, ki zauna yau ki bi su. Wadda kike da lambarta ki ba ta haƙuri ki tambaye ta ko a bari ko a cire, wadda ba ki da hanyar samunta ki sauke nata.

Don ki san ko duk wannan yana kawo kasuwa, kar ki dogara da yawan masu kallon Status. Duk sabuwar kwastomar da ta shigo, lokacin da kike ɗaukar awonta ki tambaye ta a ina ta ji labarinki, ki rubuta amsar a gefen awon. Daga ƙaramar Sallah zuwa babba za ki ga sunayen mata biyu ko uku suna ta maimaituwa, kuma sau da yawa ba masu yawan mabiya ba ne, wata malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar asibiti da abokan aikinta suka yarda da zaɓinta. Su ne za ki fara kira idan sabon yayi ya shigo, su ne kuma ɗinkinsu ba zai taɓa kwana bayan ranar alkawari ba. Allah ya sa albarka a sana'a.